Ƙafa 5 da ƙafa 7: yadda ake tsara ƙaramin banɗaki kafin fulamba ya binne bututu

A yawancin gidajen da ake ginawa yanzu a Gusau, da Birnin Kebbi, da Ƙauran Namoda, banɗakin cikin ɗaki shi ne abin da ya rage bayan an yanka falo da ɗakunan kwana. Magini ya ja igiya, ya ce ga wurin bayi nan, ƙafa 5 da ƙafa 7, maigida ya ce to. Ba a sake waiwayarsa sai ranar da za a zuba kankaren daɓe, fulamba ya zo da bututunsa a kafaɗa yana tambaya, "Alhaji, ina za a sa masai?" Amsar da aka ba shi a tsaye, cikin minti biyu, ita ce za ta zauna da gidan shekara da shekaru, domin bututun inci 4 da aka binne ƙarƙashin kankare ba ya motsawa sai da guduma da asarar tayil.

Wannan jagora kan banɗaki mai wannan girman take, mai ƙofa ɗaya, da masan zama, da kwamin wanke hannu, da wurin wanka. Zan bi aikin da jerin da ya kamata a yi shi, don jerin shi ne rabin dabarar.

Fara da awon da zai rage, ba wanda kake gani ba

Ɗauki tef ka auna daga bulo zuwa bulo. A misalinmu faɗin ya ba da santimita 150, tsawon kuma 210. Kada ka yi lissafi da waɗannan. Shafen siminti da tayil za su ci kusan santimita 3 a kowane bango, wani lokaci fiye da haka idan ginin ya ɗan karkace aka cike shi da siminti. Abin da zai rage maka ke nan 144 da 204. A falo babu wanda zai lura da santimita 6. A banɗaki kuwa su ne ke raba ƙofar da ta wuce lafiya da wadda ke dukan bakin masai.

Ka auna faɗin a wuri biyu, kusa da ƙofa da can ƙurya, ka ɗauki wanda ya fi ƙanƙanta. Sannan ka lura da abu uku ka rubuta: wane bango ne na waje, ina ramin sokawe zai kasance, kuma ina alƙibla. A banɗakin misalinmu dogayen bangayen su ne na arewa da na kudu. Na arewa shi ne na waje, bayansa akwai lungun da bututu zai bi zuwa sokawe. Ƙofa tana ƙaramin bangon yamma, daga ɗakin kwana.

Sayo masan kafin a taɓa ƙasa

Wannan shi ne matakin da ake yawan tsallakewa, saboda a ganin mutane masai kayan ƙarshen gini ne, sai an yi fenti ake zuwa kasuwa. Amma masai iri-iri ne, kuma kowanne da inda mafitarsa take. Akwai mai zubarwa ƙasa, wanda bututunsa ke fitowa daga daɓe. Akwai mai zubarwa baya, wanda bututunsa ke ratsa bango, tsakiyarsa kusan santimita 18 daga daɓen da aka gama. A masu zubarwa ƙasa, tazarar da ta fi yawa daga bango zuwa tsakiyar mafita ita ce santimita 30, amma akwai masu 25, akwai masu 40. Idan fulamba ya binne a 40 kai kuma ka sayo mai 30, masan zai tsaya nesa da bango da tazarar yatsu biyar, tankinsa ba abin jingina, kuma ya cinye maka santimita 10 daga filin gaba. Idan akasin haka ne ya fi muni, don ba zai zauna ba sam, sai a koma lanƙwasa mahaɗi, wanda nan ne toshewa ke farawa.

In kuɗin sayensa bai samu ba tukuna, je shagon da tef ɗinka. Kifa wanda kake so, ka auna daga bayan tankinsa zuwa tsakiyar ramin mafita, ka auna tsawonsa daga baya zuwa baki, da faɗinsa. Yawanci tsawon yana tsakanin 65 da 72, faɗin kuma kusan 38. A ƙaramin banɗaki nemi gajere. Namu na misali 68 ne, mai zubarwa ƙasa, mai tazarar 30.

Masai ya fara zaɓar wuri

Shi ke da bututu mafi kauri, shi ke buƙatar gangare mafi tsari, kuma shi kaɗai ne alƙibla ta shafa. Saboda haka shi ake fara zaunarwa, sauran su bi.

Daga Kebbi da Zamfara alƙibla tana gabas, da ɗan karkata zuwa arewa. Hadisin Abu Ayyub al-Ansari da ke cikin Bukhari da Muslim ya hana fuskantarta ko juya mata baya wajen biyan buƙata. Malamai sun yi saɓani kan ko hanin ya shafi cikin gini, da yawa sun sassauta, amma mafi yawan masu gida a nan sun fi samun natsuwa idan an kauce, kuma kaucewar ba ta cin ko sisi idan an yi ta tun a zane. Ma'anarta a aikace ita ce bayan masai ya jingina da bangon arewa ko na kudu. A misalinmu abin ya zo daidai: bangon arewa shi ne na waje, don haka masai zai jingina da shi ya fuskanci kudu, bututunsa kuma ya fita kai tsaye zuwa cambar waje, wato ƙaramin rami mai murfi da ake duba bututu ta cikinsa, ba tare da gwiwa ko ɗaya a ƙarƙashin daɓe ba. Gajeren bututu miƙaƙƙe, mai gangaren kusan santimita 2 a kowace mita, ba kasafai yake toshewa ba, in ma ya toshe daga camba ake zura sanda a buɗe shi.

Filin da mai zama yake buƙata ana auna shi ne daga tsakiyar masai. Mafi ƙaranci santimita 38 zuwa kowane gefe, wato faɗin 76 gaba ɗaya, ko bango ne a gefen ko kwami ko labulen wanka. In da hali 45 ya fi daɗi, musamman ga mai jiki ko dattijo. A gaba kuma a bar aƙalla 55 zuwa 60 don gwiwa da miƙewa. Namu yana da 144 a cire 68, saura 76 a gabansa, ya wadatar.

Jera ukun a bango ɗaya

A ɗaki mai wannan siffa, tsarin da na fi yarda da shi shi ne a jera kwami, da masai, da wurin wanka duk a dogon bango ɗaya, a bar ɗaya gefen ya zama hanya. Bututun ruwa duk suna bango ɗaya, na fita duk suna fuskantar waje ɗaya, ƙofa kuma ta samu fili nata.

Ga yadda 204 ɗin ke rabuwa, idan aka fara daga bangon ƙofa. Santimita 48 na farko na kwami ne, a sa mai faɗin 45, tsakiyarsa a 25. Daga 48 zuwa 124 na masai ne, tsakiyarsa a 86. Abin da ya rage, daga 124 zuwa ƙarshe, santimita 80 ne, shi ne wurin wanka. Babu rarar ko yatsa ɗaya, shi ya sa na nace kan awon bayan tayil.

Dalilin wannan jeri ruwa ne. Abin da ya fi jiƙa wuri ya tafi can ƙurya, abin da aka fi yawan amfani da shi ya zauna bakin ƙofa, mai shiga wanke hannu kawai ba sai ya taka jiƙaƙƙen daɓe ba. Idan aka juya jerin, wanka ya zo bakin ƙofa, ƙyauren zai riƙa shan ruwa kullum, na katako ya kumbura ya ƙi rufuwa, na ƙarfe ya yi tsatsa daga ƙasa, kuma duk mai zuwa masai sai ya ratsa ta cikin ruwan sabulu.

Santimita 80 a wurin wanka kamar ya yi kaɗan, amma ka tuna ɗaya ɓangaren ya ɗauki faɗin ɗakin duka, 144. Wannan tsawon yana da muhimmanci a wurinmu, domin shawa a gidajenmu ba kullum take zuba ba. Ranar da ba a tura ruwa tankin sama ba, ko a watan Afrilu da rana ta dafa ruwan tankin har ba ya taɓuwa, ko da hunturu da aka dafa ruwa a kicin, bokiti ake komawa. Wurin wankan da bai ɗauki mutum a tsugune, da bokiti a gabansa, da ɗan kujerar tsuguno ba, bai cika wurin wanka ba. Murabba'in 80 da 80 da ake gani a hotunan kasuwa ba zai ɗauki wannan ba, 80 da 144 kuwa zai ɗauka har da sarari.

Kan shawa ya fito daga bangon arewa, a tsakiyar wurin, kusan mita 2 daga daɓe, ya watsa ruwa zuwa kudu. Kada a sa shi a ƙaramin bangon ƙurya, don daga can kai tsaye zai riƙa fesa wa masai da ƙofa. A ƙarƙashinsa a sa famfon bokiti a tsayin 55 zuwa 60, yadda bokiti zai shiga ya fita ba sai an karkata shi ba.

Wani zai so ya gina ɗan bango tsakanin masai da wanka. A wannan girman babu wurinsa: bulo inci 6 da shafe da tayil gefe biyu ya haura santimita 20, kuma daga wurin wanka ko na masai za a cire su. Labule a kan sandar ƙarfe ya isa, ko gilashi mai kauri tsayayye ga mai hali, wanda zai rufe rabin da ke kusa da kan shawa ya bar sauran a buɗe.

Kwami shi ne mai sauƙin kai cikin ukun, shi ya sa yake zuwa ƙarshe. A nemi mai zurfin 35 zuwa 38 daga bango, a kafa bakinsa a tsayin 80 zuwa 85. Na fi son wanda ake kafewa a bango fiye da mai doguwar ƙafa, saboda ƙarƙashinsa yana zama wurin ajiye buta. Kuma a tsarinmu ya faɗo daidai: mai zama yana fuskantar kudu, damansa yamma ke nan, wajen kwami. Nan buta take, nan kuma ya kamata famfon tsarki ya fito, don da dama ake zuba ruwa a yi tsarki da hagu. Fulamban da ya sa shi a hagu ya bar wa mutanen gidan murɗa jiki na kullum.

Ƙofa, inda karon yake

Ƙofar banɗaki da aka saba ita ce ta ƙafa 2 da rabi, wato santimita 75 da firam, ƙyauren kansa kusan 70. Idan yana buɗewa ciki, yana share kwata na da'ira mai faɗin 70, kuma duk abin da ya shiga wannan da'ira zai sha duka.

A bangon yamma mai faɗin 144, tura ƙofar zuwa gefen kudu, nesa da kwami, a bar ɗan santimita 5 daga kusurwa don firam. Maƙalan ƙyauren su kasance a gefen kusurwar, yadda in an buɗe zai je ya kwanta a jikin bangon kudu, wanda babu komai a kansa. Idan aka maƙala shi ta ɗaya gefen, zai buɗe ya tsaya a gaban kwami ya tare shi, sai ka shiga ka rufe ƙofa kafin ka ga famfo. Wannan magana ce ta daƙiƙa goma da mai walda ko kafinta, amma sai an faɗa masa kafin ya kafa firam, don ƙofofin ƙarfe na kasuwa da hannunsu suke zuwa, na dama ko na hagu.

Da wannan tsari ƙyauren ba ya kusantar kwami, kuma yana wuce masai da tazarar da ta fi taƙi ɗaya. Abin da yake kusanta shi ne gwiwar mai zama, da ɗan kaɗan yake kauce mata, sai kuma bayan wanda ke tsaye a gaban kwami, wanda lalle zai taɓa. Maganin wannan sakata ce mai aiki, ba sauya tsari ba. A kafa ɗan robar tsayar da ƙofa a ƙasa don hannun ƙyauren kada ya fasa tayil, a sa maratayin tawul a bangon kudu bayan inda ƙyauren ya ƙare, tsakanin 75 da 120 daga bangon ƙofa.

Idan ɗakin kwana yana da fili, ƙofa mai buɗewa waje ta fi duka. Tana sakin dukan filin ciki, kuma tana da wata fa'ida da ba a cika tunawa ba: idan tsoho ko mai juna biyu ya zame ya faɗi a bayan ƙofar da ke buɗewa ciki, jikinsa ne zai tokare ta, masu taimako suna waje. A ɗakin Hajiya ko na Baba, ni waje nake ba da shawara ko da za a ɗan matsar da gado.

To idan ƙofar a dogon bangon kudu take fa? Nan ne aka fi yin kuskure, saboda magini yana son sa ta a tsakiya don ido, tsakiya kuma ita ce daidai gaban masai. Lissafi zai ce 76 ya fi 70, ƙyauren zai wuce. Zai wuce masai, amma ba zai wuce ƙafar wanda ke kansa ba, kuma duk wanda ya buɗe daga ɗaki abin da zai fara gani ke nan. A matsar da ita ƙarshen yamma, ta fuskanci kwami, ƙyauren ya kwanta a bangon yamma.

Akwai kuma gidan da dogayen bangayensa ne ke gabas da yamma, inda jeri a bango ɗaya zai sa masai ya kalli alƙibla ko ya ba ta baya. A nan sai a sa masai da kwami kafaɗa da kafaɗa a ƙaramin bango ɗaya, 76 na masai, 68 na kwami, wanka ya ɗauki ɗaya ƙarshen. Ƙofa ta shigo ta dogon bangon da ke gefen kwami, inda akwai sararin 86 tsakanin bakin kwami da wurin wanka. Gaban masai zai ragu zuwa 56, ya yi daidai da mafi ƙaranci, kuma a wannan tsari ƙofar waje za ta buɗe, in ba haka ba ƙyauren zai tsaya a bakin ruwa.

Zana shi a ƙasa, ka shiga ciki

Takarda tana yaudara, ƙasa ba ta yi. Kafin fulamba ya sa diga, samo gawayi ko alli, da igiya, da ƙusa, da tsohon kwali. Ja layi santimita 3 daga jikin bulo ko'ina, shi ne fuskar tayil. Yanka kwali daidai girman masai da na kwami ka ajiye kowanne a wurinsa. Kafa ƙusa inda maƙalin ƙofa zai kasance, ɗaura igiya mai tsawon 70 da gawayi a bakinta, ka ja da'irar ƙyauren.

Sai ka ɗora bulo biyu a kan kwalin masai ka zauna. Miƙa hannun dama ka ga ko ya kai inda buta za ta zauna. Wani ya riƙe faifan katako ya bi da'irar ƙofa da shi kana zaune. Tashi ka shiga wurin wanka da bokiti na gaske, ka tsuguna, ka buɗe gwiwar hannu kamar mai cuɗa baya. In mai ɗakin ta fi ka jiki, ko za ta riƙa yi wa yara wanka a ciki, ita ya kamata ta gwada, ba kai ba.

Idan komai ya zauna, rubuta wa fulamba awon a jikin bulo, kuma ka faɗa masa a fili cewa daga bulo tsirara ne, ka riga ka ƙara na shafe. Tsakiyar bututun masai: 33 daga bangon arewa, 89 daga bangon yamma. Tsakiyar kwami: 28 daga bangon yamma. Yakan ce, "Alhaji, ai mun saba, da ido ma za mu sa." Ka amsa masa da cewa, "Na sani, Malam, amma dai a sa tef." Bayan ya kafa, ka sake aunawa da kanka kafin a zuba kankare, don bututu yakan goce lokacin da ake cike ƙasa ana dannawa. A toshe bakinsa da buhun siminti a ɗaure, kada tsakuwa ta faɗa.

Gangaren daɓe

Tsarin da ya yi kyau a sama yana iya lalacewa a ƙasa. Daɓen banɗaki ya zauna ƙasa da na ɗaki da santimita 3 zuwa 5 a bakin ƙofa, daga nan ya gangara zuwa magudana da kusan santimita 1 da rabi zuwa 2 a kowace mita. Magudanar tana cikin wurin wanka, can kusurwar arewa maso gabas, kusa da bangon waje, da bututun inci 2 nata na kanta. Kada ta zo tsakiyar ɗaki, kada kuma ta zo tsakanin masai da ƙofa, don ruwan wanka zai bi ta ƙarƙashin ƙafar mai zama kafin ya fita, abin da mai kula da tsarkin tufafinsa ba zai so ba. Wurin wankan kansa a sauke shi da ƙarin santimita 2 a kan layin 124. Wannan ɗan saukin ya fi doguwar dakali da ake ginawa, wadda ke tare ruwan wankin daɓe a gefen masai kuma take kama ƙafar tsofaffi.

A sayi magudana mai riƙe ruwa a cikinta, don ruwan nan shi ke hana wari da kyankyasai hawowa. A ɗakin baƙi da ba a cika shiga ba, zafin bazara yakan busar da shi, sai a ji wari a ɗauka sokawe ne ya cika, alhali kofi biyu na ruwa ne maganin.

Ranar da mai tayil zai fara aiki, ya fara kafa tayil ɗaya a bakin ƙofa da ɗaya a bakin magudana, ya ja igiya tsakaninsu, ka ga bambancin tsayin da idonka: daga ƙofa zuwa kusurwar ya kai santimita 3 zuwa 4, ban da saukin wurin wanka. Washegari, kafin a cike tsakanin tayil kuma kafin ka biya shi cikon kuɗinsa, watsa bokiti ɗaya daga bakin ƙofa ka tsaya ka kalla. Duk inda ruwa ya kwanta bayan minti biyar, a ɗaga tayil ɗin wurin a gyara tun simintin bai gama ƙarfi ba, sannan a kira fulamba ya zaunar da masai.